Idon ya yi ɗorawa, amma me takardar gwajin hanta ke cewa?

Takardar gwajin hanta da ake karɓowa daga ɗakin gwaje-gwaje gajera ce, layi shida ne ko bakwai, kowane layi da suna da lamba, a gefe kuma ga iyakar da ake sa ran lambar mai lafiya ba za ta wuce ba. A samanta galibi za a ga an rubuta LFT. Abin da yawancinmu ke yi idan ta shigo hannu shi ne neman lambar da ta fi girma, ko wadda aka yi wa alamar tauraro, sai gaba ya faɗi. Mutum ya ga 480 a inda aka ce kada a wuce 40, kafin ya isa wurin likita ya riga ya yanke wa hantarsa hukunci. Wani kuma ya ga komai ya ɗan haura kaɗan, ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce ba komai. Dukansu biyu suna iya yin kuskure, domin likita ba girman lamba ɗaya yake fara dubawa ba. Abin da yake nema shi ne wane layi ya fi sauran tashi, kuma ninki nawa.

Layuka biyu da suka fi tayar da hankali su ne ALT da AST. A tsofaffin takardu, da wasu ɗakunan gwaji har yau, ana rubuta su SGPT da SGOT, abu ɗaya ne. Sinadarai ne da ke zaune a cikin ƙwayoyin naman hanta suna aikinsu, kuma kaɗan ne kawai ke fitowa cikin jini idan lafiya lau ake. Idan wani abu ya ji wa ƙwayoyin rauni, sai su tsiyaye cikin jini, lambar ta hau. Kamar tsabar gero ce da aka gani zube a gindin rumbu: ta nuna cewa akwai inda ya huje kuma yana zuba yanzu, amma ba ta faɗi yawan hatsin da ya rage a ciki ba. Wannan ya sa ALT mai yawa ba ya nufin hanta ta daina aiki, ALT daidai kuma ba ya nufin hanta lafiyayya ce.

Tsakanin biyun, ALT ya fi zama na hanta. AST yana nan a hanta, amma yana nan kuma a naman zuciya, da tsokar jiki, da jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya yi kwana biyu yana noma ko dako fiye da yadda ya saba, ko wanda ya sha duka, ko ya yi haɗari, AST ɗinsa na iya hawa hantarsa kuwa ba abin da ya same ta. Har jinin da aka ɗiba da wahala, ko ya daɗe a kwalba ƙwayoyinsa suka farfashe kafin a auna, yana iya ba da AST na ƙarya.

Layi na uku, ALP, labarinsa daban ne. Hanta tana yin ruwan maɗaciya, wannan ruwa mai ɗaci mai kore-kore, tana tura shi ta ƙananan bututu da ke haɗuwa su zama babba, ya sauka cikin hanji ya taimaka wajen narkar da maiƙo. ALP yana zaune ne a bangon waɗannan bututu. Idan ruwan ya kasa wucewa ya taru, sai hanta ta ƙara yin ALP, ya cika jini. Don haka hawan ALP yana nuni ga hanyar ruwan maɗaciya, yayin da hawan ALT ke nuni ga naman hantar kansa. Sai dai ƙashi ma yana yin ALP, mabiyiya ma haka. Yaro mai girma yana iya samun ninki biyu ko uku na iyakar manya, mace mai ciki a watannin ƙarshe ma nata yana hawa, haka wanda karayarsa ke ɗinkewa. Nan ne GGT ke da amfani: idan ya hau tare da ALP, daga hanta ne, idan ALP ya hau shi kaɗai GGT na zaune, a duba ƙashi.

Sai bilirubin, wanda shi ne launin ɗorawar da ake gani a idon mai shawara. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kusan kwana 120 su tsufa, jiki ya rushe su, abin da ya rage daga jan launinsu ya zama bilirubin. A wannan matakin ba ya narkewa a ruwa. Hanta ce ke karɓarsa ta sarrafa shi ya zama mai narkewa, ta zuba shi cikin ruwan maɗaciya, ya bi hanji ya fita, kuma shi ke ba bayan gida launinsa. Takarda tana nuna jimillarsa a layin Total, da wanda hanta ta riga ta sarrafa a layin Direct ko Conjugated. Jimillar mai lafiya ba ta cika wuce 20 µmol/L ba, ido kuma yakan fara nuna ɗorawa idan ta kai wajen 40 zuwa 50. Wasu ɗakunan gwaji da mg/dL suke aunawa, inda 1 mg/dL ya yi daidai da kusan 17 µmol/L. Na sha ganin an kwatanta takardu biyu daga wurare biyu, ɗaya ta ce 3 ɗaya ta ce 51, iyali suka ɗauka ciwo ya ninka cikin dare, alhali lamba ɗaya ce aka rubuta da ma'auni biyu.

Yanzu mu ɗauki misali mu bi shi dalla-dalla. A ce wani tela ne ɗan shekara 34, yana mako na biyar da fara shan maganin tarin fuka. Kwana huɗu ke nan abinci ya fita masa a rai, yana tashin zuciya, matarsa ta lura idonsa ya sauya. Takardarsa ta nuna ALT 480, AST 390, iyakar kowanne 40. ALP 150, iyaka 120. Jimillar bilirubin 68, iyaka 20, wanda aka sarrafa 44. Albumin 36, INR 1.2.

Mataki na farko shi ne mayar da kowace lamba zuwa ninki. A raba 480 da 40, an sami 12: ALT ya ninka iyakarsa sau goma sha biyu. A raba 150 da 120, an sami 1.25: ALP ya ɗan ɗaga kai ne kawai. Daga nan likitoci na da ɗan lissafi da suke kira R, wato a raba ninkin ALT da ninkin ALP.

```
R = (ALT ÷ iyakar ALT) ÷ (ALP ÷ iyakar ALP)
```

Ga telanmu, 12 a raba da 1.25 ya ba da 9.6. Ƙa'idar ita ce idan R ya kai 5 ko ya wuce, raunin na naman hanta ne. Idan 2 ne ko ƙasa, matsalar ta tsayawar ruwan maɗaciya ce. Tsakanin 2 da 5 kuma gauraye ne. Saboda haka takardar tela ta ce ƙwayoyin hantarsa ne ke jin rauni, bututun kuwa a buɗe suke. A kula, iyakar da za a yi lissafi da ita ita ce wadda aka buga a kan takardar, domin kowane ɗakin gwaji da injinsa, musamman a ALP inda iyakar wani wuri ke iya ninka ta wani.

Mene ne ke ji wa hantar rauni? Takarda ba ta faɗin wannan, tambaya ce ke faɗa. Uku daga cikin magunguna huɗu da ake haɗawa a watanni biyun farko na maganin tarin fuka, wato isoniyazid da rifamfisin da firazinamid, kowannensu na iya taɓa hanta. Mutane da yawa ALT ɗinsu kan ɗan hau a makonnin farko ya koma da kansa ba tare da an tsayar da komai ba. Ƙa'idar da ake bi ita ce a dakatar da maganin idan ALT ya wuce ninki biyar ko da mutum ba ya jin komai, ko ninki uku idan akwai amai, ciwon ciki ko shawara. Tela ya wuce duka biyun. Wani abin da ke rikita masu shan wannan magani shi ne rifamfisin da kansa yana mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan goro, kuma an riga an gaya musu kada su damu da hakan. Don haka duhun fitsari ba zai faɗakar da su ba. Farin ido da rashin cin abinci ne abin lura.

Layin da ya fi damun likita a takardar tela shi ne 68 ɗin nan na bilirubin, ba 480 ba. Wani likitan hanta ɗan Amurka, Hyman Zimmerman, ya daɗe da lura cewa idan magani ya ji wa naman hanta rauni har shawara ta bayyana, ba tare da toshewar bututu ba, to kusan mutum ɗaya cikin goma, ko fiye, yana iya rasa ransa ko ya buƙaci dashen hanta. Daga nan aka fitar da ma'aunin da ake amfani da shi yau: ALT sama da ninki uku, bilirubin sama da ninki biyu, ALP kuma bai kai ninki biyu ba. Dalilin a fili yake. Hanta tana da rarar ƙarfi mai yawa wajen fitar da bilirubin, saboda haka kafin ya taru a jini alhali hanya a buɗe take, sai ƙwayoyi masu yawa sun kasa aiki. Mai ALT 480 da bilirubin 12 da mai ALT 480 da bilirubin 68 ba a ɗaki ɗaya suke ba.

Abin da ke ɗan kwantar da hankali a takardar shi ne layuka biyun ƙarshe, waɗanda mutane ba su cika kallo ba, alhali su ne ke auna aikin hanta na gaskiya. Hanta ce ke yin albumin, kuma mai lafiya yana da tsakanin 35 da 50 g/L. Sai dai albumin yana daɗewa a jini, sai wajen mako uku rabinsa ke ƙarewa, don haka labarin watanni yake bayarwa, kuma yunwa ko ciwon ƙoda ma suna saukar da shi. INR, wanda ke auna saurin daskarewar jini, shi ne mai kawo labarin yau, domin wasu sinadaran daskarewa da hanta ke yi cikin sa'o'i suke ƙarewa. Na mai lafiya yana wajen 1. Sau da yawa ba ya cikin jerin LFT, sai an rubuta shi daban, a kwalba daban, da kuɗinsa daban, kuma a ganina ga mai shawara da ALT mai yawa babu kuɗin gwajin da ya fi wannan cancantar a kashe. Na tela 1.2 ne, hantarsa tana riƙe da aikinta tukuna.

Abin da za a yi masa sananne ne. A tsayar da magungunan da ke taɓa hanta a asibitin da ke kula da tarinsa, a ranar, a tambaye shi duk abin da yake sha ban da su, a gwada HBsAg da sauran gwaje-gwajen ƙwayoyin cutar hanta domin mai ɗauke da nau'in B ya fi saurin samun wannan matsala, a maimaita gwajin bayan 'yan kwanaki. Idan lambobin sun sauko kusa da daidai, sai a dawo da magungunan ɗaya bayan ɗaya ana aunawa, har a gane mai laifin. Abin da bai kamata ba shi ne ya ajiye maganin a gida ya ɓace, domin tarin zai dawo, wataƙila da taurin kai. Haka kuma jiƙe-jiƙen shawara da 'yan uwa za su fara kawowa da kyakkyawar niyya: ba wanda ya san adadin abin da ke cikin kofi ɗaya, hantar da ke fama kuma ita ce za ta sarrafa shi, ga shi idan lambobin sun ƙara hawa ba za a san wa za a tuhuma ba.

A gwaji na biyu akwai tarko. AST yana barin jini da sauri, rabinsa kan tafi cikin ƙasa da kwana ɗaya, ALT kuma cikin kusan kwana biyu, shi ya sa AST ke riga saukowa. Idan ALT ya sauko daga 480 zuwa 200, INR na nan a 1.1, mutum ya fara neman abinci, sauƙi ne, ko da ɗorawar ido ta ɗauki makonni kafin ta washe, domin bilirubin yana jan ƙafa. Amma idan ALT ya sauko zuwa 200 alhali bilirubin ya haura 200, INR ya kai 1.5 ko ya wuce, mutum ya fara barcin rana da farkawar dare, yana rikicewar magana, to saukar ALT ɗin ba albishir ba ne. Ƙwayoyin da za su tsiyayar da shi ne suka ƙare. Wannan gazawar hanta ce, kuma ta kwanciya asibiti ce nan take.

Mu ajiye takardar tela mu ɗauki ta wata mata 'yar shekara 48, idonta ɗorawa shar kamar nasa. ALT 120, ALP 600, GGT ya hau sosai, bilirubin 95 wanda 78 daga ciki sarrafaffe ne. Ninkin ALT 3, ninkin ALP 5, R ya zama 0.6. Hantarta tana sarrafa bilirubin yadda ya kamata, hanyar fita ce ta toshe, sai ya koma cikin jini. Da yake sarrafaffen yana narkewa a ruwa, ƙoda na fitar da shi, fitsarinta ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gidanta kuma ya yi fari-fari saboda launin bai isa hanji ba, ga ƙaiƙayi da ke hana ta barci. Ita ba ƙarin gwajin jini take buƙata da farko ba, hoton ciki take buƙata, a ga ko bututun sun kumbura. Idan akwai ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yawanci tsakuwa ce ta fito daga maɗaciya ta maƙale. Idan zazzaɓi da rawar sanyi suka biyo baya, ruwan da ya tsaya ya kamu da ƙwayoyin cuta, kuma ba a kwana da wannan a gida. Idan kuwa babu ciwo ko kaɗan, mutum ya manyanta kuma yana ramewa, likita zai fara tunanin ƙari da ya danne bututun. Babu jiƙon da ke buɗe bututun da tsakuwa ko ƙari ya toshe.

Akwai kuma shawarar da hanta ba ta da hannu a cikinta, kuma a ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce. Jajayen ƙwayoyin mai sikila kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi maimakon 120, don haka bilirubin na zuwa wa hanta fiye da abin da za ta iya sarrafawa. Takardarsa za ta iya nuna jimilla 70, sarrafaffe 9 kacal, ALT daidai, AST ya ɗan hau saboda fashewar ƙwayoyin jini. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma yana fasa jini ya ba da irin wannan hoto. Amma ranar da sarrafaffen mai sikila ya hau tare da ALP, a nemi tsakuwa, domin yawan bilirubin na shekaru yana tara musu ita tun suna ƙanana. Wasu mutane kuma lafiyarsu ƙalau, gado ne kawai ya sa hantarsu ke jinkirin sarrafa bilirubin, abin da likitoci ke kira lalurar Gilbert. Idonsu kan ɗan yi ɗorawa idan sun yi zazzaɓi ko sun daɗe ba su ci abinci ba, kamar lokacin azumi, sauran layukan duk daidai, kuma ba ya buƙatar magani.

Girman ALT da kansa yana taƙaita zargi. Abubuwan da ke kai shi sama da 1,000 ba su da yawa: sabon kamun ƙwayar cutar hanta, guba ko magani, da kuma yankewar jini ga hanta idan hawan jini ya faɗi warwas. A cikin magunguna farasitamol ne kan gaba. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya takwas masu 500 mg, kuma yawancin magungunan mura da na ciwon jiki da ake saya a kemis suna ɗauke da shi a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. A cikin ƙwayoyin cuta kuwa, nau'in E da ke bin gurɓataccen ruwa ya yi annoba a yankin Diffa na Nijar da kuma jihar Borno a 2017, kuma ya fi yi wa mata masu ciki illa. Kwatanta AST da ALT ma yana magana. A yawancin ciwon hanta ALT ne ke sama. Idan AST ya ninka ALT sau biyu, lambobin kuma ba su wuce 300 ko 400 ba, giya ce ake fara zargi. A zazzaɓin Lassa da shawara mai zazzaɓi da sauro ke yaɗawa, AST ne kan fi ALT hawa. A tsohon ciwon hanta kuma, ranar da AST ya fara wuce ALT, alama ce ta cewa hantar ta fara ƙanƙancewa da tabo.

Takardar da aka fi yi wa mummunar fahimta ita ce wadda ba ta da tauraro ko ɗaya. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B yana iya shekaru ALT ɗinsa na hawa da sauka, gwaji ɗaya ya same shi a ranar da ya sauka. Hantar da ta riga ta ƙanƙance tana iya ba da ALT 35. Wanda tsargiyar hanji ta yi wa tabo a jijiyoyin hanta, kamar yadda ake samu a wuraren noman rani da kamun kifi, yana iya zuwa da kumburin saifa da aman jini alhali ALT ɗinsa bai motsa ba. Ita kanta iyakar 40 ɗin tana da sassauci: a jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 kan ciwon hanta nau'in B, iyakar ALT da aka ɗauka ita ce 30 ga maza, 19 ga mata. Mace mai HBsAg a jininta da ALT 36 takardarta ba za ta nuna alamar komai ba, amma ta kusa ninka iyakarta. Irin wannan mai haƙuri ana maimaita masa ALT lokaci-lokaci, a haɗa da ƙidayar ƙwayoyin daskarar da jini da ke layin PLT na gwajin jini gaba ɗaya, domin raguwarsu ƙasa da 150 tana daga alamun farko na tabon hanta, sannan a yi hoton ciki, a auna yawan ƙwayar cutar a jini idan da hali. Tsofaffin takardun gwaji kuma a riƙa zuwa da su duka, a jere bisa kwanan wata, tare da kwalayen duk maganin da ake sha, na asibiti da na gargajiya.